Malami da Takardar Akanta: Lissafin da Ya Kamata a Yi Kafin a Biya Kuɗin Rajista

 

An umarce ni da in yi magana a kan tambayar da take yawan zagayawa a ɗakunan malamai daga Dutse har Kiyawa, Jahun da Birnin Kudu: malamin da ya shafe shekara goma sha zuwa ashirin yana riƙe da alli, ya kuma fara tunanin komawa wata sana'a, shin ya dace ya zuba kuɗinsa da lokacinsa wajen neman takardar shaidar ƙwarewa? Na san wani zai ce taron ƙungiyar malamai ba wurin koya wa malamai hanyar fita ba ne. Ni kuwa a ganina, wanda ya yi lissafi ya zauna ya fi amfani ga ɗalibai da wanda yake zaune zuciyarsa tana waje, kuma wanda ya yi lissafi ya tafi ba zai dawo mana da bashi da da-na-sani ba. Zan tsaya ne a kan sana'a ɗaya, wato aikin akanta, domin ita ce malaman lissafi da na kasuwanci da na tattalin arziki suka fi hange.

Kafin mu kai ga akanta, sai mu rarrabe takardun nan, don ba duka suke ɗaya ba. Akwai takardar da doka ta ɗaura a bakin ƙofa, wadda in ba ka da ita ba ka shiga. Misalinta yana gidanmu. Hukumar yi wa malamai rajista, TRCN, an kafa ta da doka ta 31 ta 1993, kuma tun 2017 ta fara shirya jarrabawar cancanta. Ma'aikacin banki ko injiniyan da yake son dawowa aji, ba shi da wata doguwar shawara: in digirinsa ba na koyarwa ba ne, sai ya yi difloma ta koyarwa, wato PGDE, a jami'a ko ta Cibiyar Malamai ta Ƙasa da ke Kaduna, sa'an nan ya zauna jarrabawar hukumar. Haka malamar da take son komawa aikin jinya. Babu wata gajeriyar hanya sai makarantar koyon aikin, irin ta Birnin Kudu, da lasisin majalisar ma'aikatan jinya da ungozoma. A irin wannan, tambayar ba ta takarda ba ce, ta sana'ar ce gaba ɗaya: ina sonta ko ba na sonta.

Akwai kuma takardar ado. Ita ce wadda ake kira a ɗakin taro na otal ranar Asabar, a yi jawabi uku, a ci abinci, a rataya wa mutum alkyabba, ya fito da haruffa huɗu a bayan sunansa. Alamarta ba ta ɓuya: ba a faɗuwa. Duk takardar da kowa ya biya yake samu, to mai ɗaukar ma'aikata ma ya san haka, kuma ba zai ƙara maka ko sisi a kanta ba.

Takardar akanta tana tsakanin waɗannan biyun, shi ya sa take bukatar tunani. Mutum yana iya riƙe littattafan kuɗi na kanti ko na makaranta ko na ƙungiya ba tare da ita ba. Amma sa hannu a rahoton binciken kuɗin kamfani, da hawa manyan kujerun akanta, waɗannan sai da ita. Ƙungiyoyi biyu ne doka ta ba wannan hurumi a Nijeriya. Ta farko ICAN, wadda dokar majalisa ta 15 ta 1965 ta kafa. Ta biyu ANAN, wadda aka assasa a 1979, ta sami amincewar doka da doka ta 76 ta 1993, tana kuma da kwalejinta a Kwall, kusa da Jos.

Hanyoyinsu sun bambanta, kuma bambancin ya shafi malami kai tsaye. ICAN hanya ce ta jarrabawa hawa uku, na tushe, na tsakiya da na ƙarshe. Mai digiri a kowane fanni yana iya yin rajista, ana kuma yafe masa wasu darussa gwargwadon abin da ya karanta. Mai digirin akanta ana yafe masa da yawa, mai digirin koyarwa kaɗan ko babu. Ba ta bukatar ka bar aikinka, amma tana cinye darenka da ƙarshen makonka, kuma faɗuwa a cikinta ba abin mamaki ba ne ko ga masu ƙoƙari. Wanda yake da NCE kawai, ƙofarsa ita ce jarrabawar ATSWA, mai kashi uku, kafin ya haura zuwa babbar. ANAN kuwa hanya ce ta makaranta. Asalinta an gina ta ne don mai digiri ko babbar difloma a fannin akanta, ya je kwaleji, ya ci jarrabawarta, sa'an nan ya yi zaman koyon aiki na shekara biyu a ƙarƙashin ƙwararre. Wanda ya karanta wani fanni makusanci sai ya fara da kwas ɗin sauya layi. Saboda haka malamin da digirinsa na koyar da tattalin arziki ne, kada ya ɗauka an karɓe shi. Ya aika da takardunsa a duba, a ba shi amsa a rubuce, kafin ya sayar da ko tunkiya ɗaya.

Abin da mutane suke mantawa shi ne duka biyun ba sa ba da cikakken zama ɗan ƙungiya da jarrabawa kaɗai. Suna neman shaidar cewa ka yi aikin da hannunka na wasu shekaru. Koyar da darasin akanta a aji biyar na sakandare ilimi ne, amma ba shi ne aikin ofishin kuɗi ba. Malami yana iya cin duk jarrabawa ya tsaya cak a wannan gaɓar, in bai shirya inda zai sami wannan gogewa ba tun farko.

Yanzu bari mu ɗauki mutum ɗaya mu bi shi taki-taki. Alkaluman da zan kawo na misali ne, na zagaye su don sauƙin lissafi. Kowa ya cire su ya sa nasa, ya kuma ɗauko kuɗin jarrabawa na bana daga ƙungiyar da kanta, domin suna canzawa.

A ce malami ne a wata sakandare a Kiyawa, shekararsa 41, ya kama aiki yana da 27, wato ya yi shekara 14 ke nan, yana mataki na 12, abin da yake shiga hannunsa a wata naira 150,000. Digirinsa na koyar da tattalin arziki ne, ya zaɓi ICAN. A ce rajista da kuɗin yafe darussa da kuɗin jarrabawa na dukan hawa ukun sun kama naira 600,000. Darasin share fage a Kano, naira 300,000. Littattafai, 80,000. Kuɗin bikin rantsarwa da na shiga ƙungiya, 100,000. Nan yawancin mutane suke rufe littafin lissafi su ce miliyan ɗaya da 'yan kai, ba laifi.

Amma mutumin nan ba a Kano yake zaune ba. In zai halarci darasi, sai ya bi motar Wudil ranar Asabar da asuba ya dawo Lahadi da yamma. A ce mota da abinci da ɗan abin da zai riƙa wa gidan da yake sauka sun tashi naira 12,000 a kowace tafiya, kuma a cikin shekara uku ya yi tafiya 60. Naira 720,000 ke nan, fiye da kuɗin jarrabawar kansu. Sai a ƙara 200,000 na maimaita darussan da ya faɗi. Wanda bai sa wannan a lissafinsa ba yana yaudarar kansa ne. Jimla ta zama miliyan 2 cif. Bayan haka akwai kuɗin da ba ya fita daga aljihu, amma ya daina shigowa. Mutumin yana koyar da darasin yamma a wata makarantar kuɗi, ana ba shi 25,000 a wata. Karatu zai sa ya ajiye wannan na tsawon wata 30, wato 750,000. Gaba ɗaya takardar ta tsaya masa a kan naira miliyan 2 da 750,000, albashinsa na wata 18 da ɗoriya, kuma ranar da zai karɓe ta yana da shekara 44, in komai ya tafi daidai. Ban sa gonar da ya bar wa 'yan ƙwadago ba, ban sa yaran da suka yi shekara uku ba su ga ubansu ranar Asabar ba. Uwargida ita ta san farashin wannan, kuma ya kamata a tambaye ta tun kafin a fara, tunda cefanen gidanta ne zai ragu.

To, ya samu. Ina za shi da ita?

Ƙofa ta farko ita ce ya zauna a aikin gwamnatin jiha, ya nemi a sauya masa layi daga koyarwa zuwa akanta. Wannan ita ce ƙofar da ta fi dacewa da mai shekara 44, saboda dalilin da zan zo kansa. Sai dai takarda ba ta buɗe ta ita kaɗai. Dole a sami gurbi, dole ma'aikatar da yake ciki ta sake shi, alhali kowa a ɗakin nan ya san ƙarancin malaman da ake fama da shi, har gwamnati ta fito da shirin J-Teach don cike giɓi. Sa'an nan sauya layi ba ƙarin girma ba ne. Ana iya mayar da mutum sabon layi a matakinsa, ana kuma iya saukar da shi, tunda a can sabon shiga ne. In aka saukar da mai mataki na 12 zuwa na 10, shekarun da zai jira kafin ya dawo inda yake su ma kuɗi ne.

A ce dai ya yi sa'a, an sauya shi, kuma abin da yake samu ya ƙaru da naira 30,000 a wata. A raba miliyan 2 da 750,000 da 30,000, za a sami wata 92, wato shekara bakwai da wata takwas. Yana gab da cika 52 ke nan kafin ya mayar da uwar kuɗinsa. Ma'aikacin gwamnati yana ritaya ne a shekara 60 da haihuwa ko 35 da kama aiki, duk wadda ta riga zuwa; shi da ya fara a 27, ta haihuwa ce za ta riga. Saura masa shekara takwas na cin riba, kusan naira miliyan 3. In kuwa ya jira gurbi shekara biyu, ribar ta koma ta shekara shida. In ƙarin 15,000 ne kawai, sai ya yi wata 184 kafin ya farfaɗo, shekara 15 da wata huɗu, ranar da zai gama biyan kansa ita ce kusan ranar da za a yi masa walimar sallama.

Akwai wani nauyi kuma a wancan gefen sikelin. A 2022 Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a dokar da ta kai shekarun ritayar malamai zuwa 65 da haihuwa ko 40 da aiki. Kowane malami ya nemi sakataren reshe ya nuna masa takardar da take aiki a kansa a yau game da wannan. Duk inda ƙarin ya hau kan malami, to ranar da ya bar layin koyarwa ya ajiye shi a bakin ƙofa. Shekara biyar a kan albashin 150,000 naira miliyan 9 ne. Gaskiya ne a cire fanshon da zai riƙa karɓa a waɗannan shekarun in ya yi ritaya da wuri, amma ko an cire, abin da ya rage yana iya haɗiye ribar miliyan 3 da muka lissafa ɗazu.

Ƙofa ta biyu ita ce ya ajiye aikin gwamnati ya shiga kamfani, ko banki, ko ƙungiyar agaji. A nan albashin yana iya ninka na aji, kuma shi ne abin da yake jan hankali. Amma a duba abu biyu. Na ɗaya, irin waɗannan guraben ba su da yawa a Dutse. Garinmu garin ma'aikatan gwamnati ne tun da aka ƙirƙiri jiha a 1991. Manyan masu ɗaukar akanta su ne sakatariya, ƙananan hukumomi 27, Jami'ar Tarayya da aka buɗe a 2011, kwalejin fasaha da asibitoci. Kamfanoni suna Kano da Abuja da Legas, ke nan sai a ƙara kuɗin haya da na raba gida biyu. Na biyu, mai kamfani yana tambayar shekarun aiki kafin ya tambayi takarda. A gabansa akwai yaro ɗan shekara 28 mai irin takardarka, wanda ya yi shekara huɗu a ofishin odita, ya iya manhajar lissafi, ba shi da iyali, zai karɓi rabin abin da kake nema. Shekarunka 17 a aji, a idon wannan mutum, ba su shiga lissafi.

Sai maganar fansho, wadda ita ce dalilin da na ce ƙofa ta farko ta fi dacewa. Tsarin Jigawa daban yake da na tarayya. A nan ma'aikaci yana ba da kashi 8 cikin ɗari na albashinsa, gwamnati ta ba da kashi 17, kuɗin su shiga asusu ɗaya na kowa da kowa, kuma abin da za a biya ka a ƙarshe ya dogara ne da shekarun aikinka da albashin da ka tsaya a kansa. A kamfani kuwa dokar fansho ta 2014 ce take aiki: kashi 8 daga gare ka, kashi 10 daga mai kamfani, a asusunka na kanka, abin da ka tara shi za ka ci. Ma'anar wannan ita ce a tsarinmu shekarun ƙarshe su ne masu tsoka, domin a lokacin ne shekaru suka taru, albashi kuma ya kai ƙololuwa. Wanda ya fita a tsakiya ya bar tukunya tana gab da nuna, ya je ya hura sabuwar wuta yana da shekara 44. Kada kowa ya rubuta takardar ajiye aiki sai ya taka da ƙafarsa zuwa hukumar fansho a nan Dutse, an lissafa masa abin da zai samu in ya fita bana da abin da zai samu in ya kai ƙarshe. Zuwa da kai ya fi saƙo.

Akwai ƙofa ta uku da ba a cika ambata ba, wato mutum ya ci gaba da koyarwa, ya riƙa riƙe wa wasu littattafan kuɗi da yamma: masu injin casar shinkafa, 'yan kasuwar hatsi na Shuwarin, makarantun kuɗi, ƙungiyoyin gama-kai. Wannan aikin ba ya bukatar takardar miliyan biyu. Yana bukatar iya shigar da kuɗin shiga da na fita, daidaita littafi da takardar banki, da fitar da riba ko faɗuwa a ƙarshen wata, sai kuma amana. Wanda burinsa ƙarin 30,000 ne a wata, ta nan ya fi kusa.

Wannan ƙofar kuma ita ce gwaji mafi arha ga mai son babbar takardar. Kafin ka biya rajista, karɓi littafin ƙungiyar adashin makarantarku ka riƙe shi zango biyu, ko ka roƙi ma'ajin makaranta ka zauna kusa da shi a ƙarshen kowane wata. Koyar da lissafi hulɗa ce da mutane, ana magana ana dariya; aikin akanta zama ne shiru da rasiɗai, ana neman inda naira 350 ta ɓace har magariba. Akwai malamin da zai ji daɗin wannan, akwai wanda mako uku zai ishe shi. Gara ya gane haka a kan littafin adashi.

Gwaji na biyu shi ne na tallan aiki. Ka tara tallace-tallacen guraben akanta guda ashirin na wuraren da za ka iya zuwa da gaske, ba na Legas ba in ka san ba za ka koma Legas ba. Ka ƙirga nawa ne suka ce takardar dole ce, nawa suka ce ƙarin tagomashi ce, nawa suka sa iyakar shekarun haihuwa da ka riga ka wuce, nawa suka nemi gogewar shekara biyar. Waɗanda suka rage bayan wannan tankaɗe su ne kasuwarka. In biyu suka rage, ka san abin da kake saya. In ma ka kasa tara ashirin ɗin cikin wata shida, wannan ma amsa ce.

Ga wanda yake nufin ƙofa ta farko, akwai mataki ɗaya da tsallake shi yake jawo kuka. Ka nemi izinin karatu a rubuce ta hannun shugaban makarantarka zuwa ma'aikata ko hukumar da take kula da kai, kafin ka fara. Sau da yawa takardar da aka samo ba da izini ba, sai a karɓa a sa a fayil, a ce an gani, shi ke nan. Ka kuma je ofishin shugaban ma'aikata ka nemi a nuna maka kundin tsarin aiki, ka karanta da idonka matakin da ake ɗora mai wannan takarda, da sharuɗɗan sauya layi. Maganar baki ta wani babba cewa "kai dai samo ta, za mu duba" ba ta da amfani ranar da aka yi masa canjin wurin aiki.

In aka tambaye ni ra'ayina, ga shi. Malamin da bai wuce shekara 35 ba, yana mataki na 8 ko na 9, digirinsa na akanta ne ko makusancinsa, ya kuma sami izini, wannan ya shiga. Abin da zai bari kaɗan ne, shekarun girbinsa sun haura ashirin, kuma za a yafe masa darussa da yawa. Malamin da ya haura 45, yana mataki na 13 ko 14, kujerar mataimakin shugaban makaranta tana gabansa, wannan sakin reshe ne kama ganye, sai fa in gurbin yana hannu a rubuce. Na tsakiya, irin mutuminmu na Kiyawa, shi ne mai wahalar shawara, kuma shi nake ba shawarar ya sayi takardar da kaɗan-kaɗan. Ya yi rajista, ya zauna hawa na farko kawai, da karatun gida da 'yan tafiye-tafiye ƙalilan, ya ware abin da bai wuce albashin wata biyu ba, daga ajiyarsa, ba daga bashin banki mai cirewa daga albashi ba. Ya rubuta wa kansa sharaɗi tun yau: in ya zauna sau biyu bai haye ba, ya tsaya. In ya haye a zama ɗaya, kuma a cikin wannan shekarar amsar izininsa ta fito, hukumar fansho ta ba shi alkalumansa, sai ya sake zama da uwargida da biro da takarda kafin ya biya kuɗin hawa na biyu.

Malam shugaba, a nan zan dakata, ko akwai mai tambaya a kan alkaluman.